Fassarar Minit ɗin Taro da Fitar da Jerin Ayyuka Daga Cikinsa

A yawancin kwamitocinmu na Arewa da Hausa ake yin taro, amma da Turanci ake rubuta minit, wato rahoton abin da ya gudana a zaman. A Maraɗi ko Damagaram kuwa da Faransanci ake rubutawa. Dalilin a bayyane yake: ƙaramar hukuma, banki da ƙungiyar da ke ba da tallafi duk takardar Turanci ko ta Faransanci suke karɓa. Sai dai mutanen da za su tashi su yi aikin, irin su ma'aji da wakiliyar mata da mai unguwa, sau da yawa Hausa kaɗai suke karantawa, wasunsu ma sai an karanta musu. Nan ne ake neman mai fassara, kuma takarda biyu ake so daga hannunsa. Ta farko fassarar minit ɗin ce yadda yake. Ta biyu gajeren jeri ne da ke faɗin wane aiki, a wuyan wa, zuwa wace rana. Kada a cakuɗa su, domin kowacce da dokarta. A ta farko ba ka ƙara komai, ba ka rage komai. A ta biyu kana tsamo abin da aka yanke, ka bar sauran. Abin da ya haɗa su shi ne, a dukkansu ba kai ne mai yanke shawara ba.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Kwamitin kula da wata makarantar firamare ya zauna ranar Asabar, 15 ga Maris, 2025, a tsakiyar watan azumi. Iskar daminar bara ta yaye rufin ajujuwa biyu, wata ƙungiya kuma ta yi alkawarin taimakawa idan gari ya kawo nasa kason. Wani malami ne sakatare, ya rubuta minit da Turanci, shafi biyu, ya miƙo maka.

Kafin ka fassara layi ɗaya

Nemi abu uku tare da minit ɗin: ajandar taron, takardar sunayen mahalarta, da minit ɗin zaman da ya gabata. Ajanda za ta nuna maka ko an tsallake wani batu. Minit ɗin baya zai nuna maka kalmomin da kwamitin ya saba da su, domin idan wancan watan an ce "asusun gyara", bai kamata wannan watan ya koma "kuɗin kwaskwarima" ba, kar wani ya zaci asusu biyu ne. Takardar mahalarta kuwa ita ce mafi amfani. Turanci zai ce ma'aji ya yi kaza ba tare da ya nuna namiji ne ko mace ba, amma Hausa dole ta zaɓi "ya" ko "ta". Daga takardar ne kuma za ka san yadda kowa ke rubuta sunansa, ka san wanda ya zo da wanda ya aiko uzuri.

Sannan ka tambayi sakatare: an amince da wannan minit ɗin, ko kuwa daftari ne? A al'adar kwamiti, sai an karanta minit a zama na gaba, an gyara, wani ya kawo ƙudurin amincewa, wani ya mara masa baya, shugaba ya sa hannu, sannan ya tabbata. Kai kuwa ba za ka jira wannan ba, don aikin ba zai jira wata guda ba. Saboda haka ka rubuta a saman fassararka cewa daftari ne, kuma idan an sami saɓani, takardar asali ce abin komawa.

Idan kai ma kana cikin taron, akwai jarrabawar da za ta same ka. Tun da da Hausa aka yi magana, kana tuna abin da Alhaji ya faɗa kalma da kalma, ga shi kuma sakatare bai kama shi daidai ba. Zuciyarka za ta ce ka rubuta abin da kunnenka ya ji. Kada ka yi. Fassara abin da ke takarda, ka ajiye abin da ka tuna a gefe, ka kai wa sakatare. In ya yarda, ya gyara asalin, kai kuma ka bi gyaran. In ba haka ba, kwamiti zai wayi gari da minit biyu masu faɗin abu daban-daban, kuma ranar da rigima ta tashi kan kuɗi kowa zai ɗago wanda ya fi masa daɗi.

Nauyin kowace magana

Karanta minit ɗin gaba ɗaya da biro a hannu, kana yi wa kowace jimla alama gwargwadon nauyinta. Akwai bayanin da aka saurara kawai. Akwai shawarar da mutum ɗaya ya kawo. Akwai abin da kwamiti ya yanke. Akwai wanda aka ɗage. A misalinmu, sakin layi na huɗu yana cewa hedimasta ya yi bayanin ɓarnar, wakiliyar mata ta kawo shawarar a karɓi naira 500 daga kowane gida, kwamiti ya amince a nemo farashi daga kafintoci uku, batun karɓar kuɗi kuma an bar shi sai zama na gaba.

Jimla huɗu ke nan, amma aiki ɗaya ne kacal ya fito: nemo farashi. Mai fassarar da ya yi gaggawa zai rubuta "za a karɓi naira 500 daga kowane gida". Kafin la'asar maganar ta zaga gari, iyaye sun fara ƙorafi a kan abin da ba wanda ya yanke, wakiliyar mata kuma ita ce za ta sha zagin. Don haka ka ware wa kowane mataki kalmarsa, ka riƙe ta har ƙarshen takarda: "ya yi bayani" ko "kwamiti ya saurara" ga na farko, "ta kawo shawara" ga na biyu, "an yanke" ko "kwamiti ya amince" ga na uku, "an ɗage" ga na huɗu. A rubutun adabi maimaita kalma aibi ne, amma a minit shi ake so. Ka kuma kiyayi "ya kamata". Tana da daɗin faɗa, sai dai ba ta ɗora wa kowa nauyi, kuma idan Turancin umarni ya bayar, ka sassauta shi ke nan.

Rubutun boko yana da wani tarko nasa na kansa, tunda ba ma sa alamar karin sauti ko tsawon wasali. Duba wannan jimlar: "Ma'aji ya kawo rasit." A baki babu ruɗani, amma a takarda tana iya nufin ya riga ya kawo, tana kuma iya nufin ana so ya kawo. Ma'aji zai karanta ta yadda ta fi masa sauƙi. Idan abin ya wuce, rubuta "ma'aji ya riga ya kawo rasit". Idan yana gaba, rubuta "ma'aji zai kawo rasit", ko "an umarci ma'aji da ya kawo rasit". A jerin ayyuka ni "zai" da "za ta" kaɗai nake amfani da su.

Lambobin sakin layi kuma ka bar su yadda suke. Idan batun rufi shi ne 4.2 a Turanci, ya zama 4.2 a Hausa, ko da jimlolin sun fi tsawo. Da wannan ne mutum biyu masu riƙe da takarda a harsuna biyu za su iya duba wuri ɗaya.

Wa zai yi?

Wannan shi ne wurin da ya fi cin lokaci, kuma ya cancanci lokacin. Masu rubuta minit da Turanci suna son jimlar da ba ta ambaci mai aiki ba, Hausa kuma tana da abin da ya yi daidai da ita: "an ce a nemo", "za a rubuta", "a tuntuɓi". Fassarar takan fito sumul, ba kuskure ko ɗaya, amma babu mutum a cikinta. A fassarar minit ka bar ta haka, domin haka asalin yake. A jerin ayyuka kuwa "za a" ba ta da wurin zama. Kowane layi sai ya fara da mutum ɗaya, da sunansa da muƙaminsa.

To idan minit bai faɗi mutumin ba fa? Hankali zai ba ka cewa nemo farashi aikin hedimasta ne, tunda shi ke makarantar kullum. Wataƙila ka yi daidai. Amma idan ka rubuta sunansa da kanka, ka naɗa shi aikin da kwamiti bai ba shi ba, kuma ranar da ya ce "wa ya ce ni?" ba ka da amsa. Abin yi shi ne ka bar gurbin da rubutu ƙarara, "ba a ambaci mai aikin ba", ka tara duk irin waɗannan guraben a takarda guda, ka aika wa sakatare da shugaba a matsayin tambayoyi masu lamba. Tambayar ta zama wadda za a amsa da kalma ɗaya: "Ranka ya daɗe, a 4.3, nemo farashi daga kafintoci uku, hedimasta ne ko ma'aji?" Shugaban da ke kasuwa zai iya amsa wannan a waya cikin minti ɗaya. Amsarsa kuma ka rubuta ta tare da ranar da ya ba da ita.

Wani lokaci matsalar ba rashin suna ba ce, yawan suna ne. Sai ka ga wani minit ya ce ƙaramin kwamiti na mutum uku zai duba katako. Mutum uku kowa zai jira ɗan'uwansa ya kira shi. Ka tambaya wane ne jagoransu, ka sa sunansa a gurbin mai aiki, sauran biyun ka ambace su a matsayin masu taimaka masa.

Akwai kuma wanda aka ba aiki ba ya nan. A misalinmu an yanke cewa kansila zai kai takardar neman gudummawa ƙaramar hukuma, alhali takardar mahalarta ta nuna ya aiko uzuri. Mutumin bai ma san an ambace shi ba. A nan aiki biyu ne a dunƙule: wani ya sanar da shi ya ji ko ya karɓa, sannan shi ya kai takardar. Na farkon ba ya cikin minit, saboda haka shi ma ka kai shi ga shugaba a matsayin tambaya. Haka kuma sai an rubuta takardar kafin a kai ta, wannan kuwa aiki ne na uku da ya ɓuya a cikin jimla ɗaya.

Game da manya, Hausa ba ta yarda ka rubuta "an umarci mai unguwa" ko "an umarci liman" ba, ko da Turancin bai bambanta ba. "An roƙi" ita ce daidai. Sai dai ladabi bai kamata ya haɗiye ranar ba. Hanyar da na ga tana aiki ita ce a rubuta roƙon da ladabinsa, sannan a sa sunan ɗan kwamitin da zai je ya yi gaisuwa ya tuna masa. Wa'adin yana kan ɗan kwamitin, mutuncin babba kuma ba a taɓa shi ba.

Zuwa yaushe?

Dokar a nan gajera ce: kowane wa'adi ya koma sunan rana, kwanan wata, sunan wata da shekara. "Cikin mako biyu" ana lissafa shi daga ranar taro, ba daga ranar da ka gama fassara ba. Daga Asabar 15 ga Maris, mako biyu ya faɗa Asabar 29 ga Maris. Idan aikin na banki ne ko na sakatariyar ƙaramar hukuma, ba a buɗewa ranar Asabar, don haka ainihin ranar ƙarshe Juma'a ce, 28 ga wata, kuma gara a je kafin a tafi masallaci. Ka nuna wa sakatare wannan, ya amince, sannan ka rubuta.

Kada ka mayar da "mako biyu" zuwa kwanaki da baki. Bahaushe yakan ce "kwana takwas" yana nufin rana ita yau, domin yana ƙirgawa har da ranar da yake ciki, mai jin Turanci kuwa bakwai yake ƙirgawa. "Gobe", "jibi" da "mako mai zuwa" su ma ba su da amfani a takardar da wani zai buɗe bayan kwana biyar.

Sai "bayan Sallah". Minit ɗinmu ya ce za a fara aiki bayan Sallah. A ranar taron ba wanda ya san ranar Sallah tabbas, tunda sai an ga wata Sarkin Musulmi ya sanar. A 2025 ta kama Lahadi, 30 ga Maris, gwamnati kuma ta ba da hutun Litinin da Talata. Ko an san ranar ma, "bayan Sallah" ba ta da iyaka, tana iya kaiwa har Babbar Sallah. Ka nemi rana tsayayya wadda ta tsallake shakkar ganin wata da hutu da yawon Sallah, misali Litinin, 7 ga Afrilu. Idan kwamitin ya haɗa mutanen Nijeriya da na Nijar sai a ƙara kula, domin akan sami shekarar da Nijar ta riga Nijeriya yin Sallah da kwana ɗaya. Haka "kafin damina": manomi ya san abin da ake nufi, amma jami'in ƙungiya da ke ofis yana son kwanan wata.

Kwanan wata na lambobi zalla shi ma abin tsoro ne. Sakatare ya rubuta taro na gaba 12/04/2025. A Nijeriya da Nijar rana ke fara zuwa, wato 12 ga Afrilu. Ba'amurke kuwa wata yake farawa da shi, zai karanta 4 ga Disamba, kuma kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka takan juya shi haka a Excel ba tare da ta yi gargaɗi ba. Gwajin mai sauƙi ne: duba kalanda. 12 ga Afrilu, 2025 Asabar ce, ranar da kwamitin ya saba zama, 4 ga Disamba kuwa Alhamis ce. Wannan ne ya sa ake rubuta sunan rana tare da kwanan wata, kowanne yana tsare ɗaya.

Kuɗi ka rubuta su da lamba da kuma kalmomi: naira 1,200,000, wato miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Mai aiki daga Faransanci ya tuna cewa a can waƙafi ne ke raba cikakkiyar lamba da ɓurɓushinta, don haka 1,5 ɗaya da rabi ne. Ya kuma tuna cewa a kasuwar Nijar da dala ake ƙirga, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce. Idan takarda ta ce sefa 500, mai sauraro ya ji "ɗari biyar", zai iya ɗauka dala ɗari biyar ce, wato sefa 2,500. "Jaka" ma ka guje mata a rubuce: a Nijar sefa dubu ce, a bakin dattawan Nijeriya naira ɗari biyu.

Yadda jerin ya fito

Bayan shugaba ya amsa tambayoyi, shafi biyu na minit sun koma layi biyar, an jera su bisa ranar da ta fi kusa. A takarda ta gaske kowane muƙami yana tare da sunan mai shi.

1. Sakatare zai rubuta takardar neman gudummawa, shugaba ya sa hannu. Wa'adi: Laraba, 19 ga Maris, 2025. (Minit 5.1)
2. Shugaba zai kai wa kansila takardar, ya ji ko ya karɓi aikin. Wa'adi: Juma'a, 21 ga Maris, 2025. (Minit 5.1)
3. Kansila zai miƙa takardar a sakatariyar ƙaramar hukuma, ya dawo da kwafi mai hatimin karɓa. Wa'adi: Juma'a, 28 ga Maris, 2025. (Minit 5.1)
4. Hedimasta zai nemo farashi a rubuce daga kafintoci uku, kowanne ya nuna kuɗin kwano, katako, ƙusa da na aiki daban-daban. Wa'adi: Asabar, 29 ga Maris, 2025. (Minit 4.3)
5. Ma'aji za ta kawo takardar bayanin asusu daga banki zuwa taro na gaba. Wa'adi: Asabar, 12 ga Afrilu, 2025. (Minit 6.2)

Lura da cewa kowane layi yana faɗin abin da za a gani a hannu idan an gama: kwafi mai hatimi, farashi a rubuce, takardar banki. "Zai bibiyi maganar" ko "za ta duba lamarin" ba su da ranar gamawa, domin ba wanda zai iya cewa an yi ko ba a yi ba. Irin wannan ƙarin bayani ma daga shugaba ko sakatare zai fito, kai tambaya ce taka.

A ƙasan jerin ka buɗe wani ɗan sashe mai suna "Abin da bai tabbata ba". A nan batun naira 500 zai zauna, da bayanin cewa an ɗage shi zuwa 12 ga Afrilu. A nan kuma ranar fara aiki za ta zauna, domin da aka tambayi shugaba ya ce ba zai tsayar da 7 ga Afrilu shi kaɗai ba, tunda ba a zaɓi kafinta ba tukuna. Ya yi gaskiya, kuma tambayar ce ta tono cewa minit ɗin ya sa fara aiki kafin zaman da za a zaɓi mai yin aikin.

Kafin ka aika, ɗora jerin kusa da takardar asali ka bi su ta fuska biyu. Daga minit zuwa jeri: duk inda ka yi alamar "an yanke", ya sami layinsa? Daga jeri zuwa minit: kowane layi yana da lambar da ya fito daga gare ta, ko amsar shugaba mai kwanan wata? Layin da ba shi da ɗaya daga cikin biyun, kai ka ƙirƙire shi, sai ka cire. Daga nan ka bi lambobi su kaɗai, kuɗi da ranaku, ɗaya bayan ɗaya. In da hali, ka karanta wa wani da bai halarci taron ba, ka ce ya faɗa maka wa zai yi me. Inda ya yi jim, nan ne gyara yake.

Ka tabbatar jerin ya isa hannun mutane cikin kwana biyu da taro, tun maganar tana da ɗumi, ko da cikakkiyar fassarar minit za ta biyo baya. Idan ta WhatsApp za a tura, jerin kaɗai za a sa a zauren kwamiti. Abin da ya shafi sirrin mutane, kamar sunayen iyayen da ake bi bashi ko ƙorafi a kan wani malami, ya tsaya a minit ɗin da ke hannun sakatare. Waɗanda ba sa karanta boko a yi musu saƙon murya, a karanta layin kowa yadda yake a rubuce, ba ƙari ba sharhi, a nemi ya amsa cewa ya ji.

Ranar 12 ga Afrilu, idan aka zo kan batutuwan da suka taso daga minit ɗin baya, ka sa sakatare ya ɗauko wannan jerin ya kira layi-layi, mai aiki ya ce "an yi" ya nuna shaida, ko ya ce "ba a yi ba" a ba shi sabuwar rana. Layin da ba a gama ba ka ɗauke shi zuwa sabon jeri, ka bar tsohon wa'adinsa a rubuce kusa da sabon.